Gahawa a kan abinci: wa ya kamata ya jinkirta, wa kuma babu ruwansa

Duk bayan 'yan watanni sai an sake yaɗa maganar nan cewa gahawa tana shanye jini, wai wanda ya kora abinci da ita ya yi asarar abin da ya ci. Akwai gaskiya a ciki, amma an yanka mata rigar da ta fi ƙarfinta. Gahawa, wadda yawancinmu muke kira kofi, tana rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji yake tsotsa daga abinci, wannan an auna an gani. Sai dai ga mafi yawan maza masu lafiya ragin bai kai abin da za a sauya al'ada dominsa ba. Waɗanda maganar ta shafa da gaske mutane ne sanannu, kuma ko a cikinsu ma, babbar asarar tana faruwa ne wajen haɗiye ƙwayar ƙarin jini, wurin da masu yaɗa gargaɗin ba su cika ambata ba.

Sai an fara sanin cewa ƙarfen da ke cikin abinci iri biyu ne. Akwai wanda yake cikin nama, hanta, kifi da kaza, wanda yake zuwa a naɗe cikin irin sinadarin da ke ba jini launinsa. Wannan hanji yana ɗaukarsa yadda ya zo, abin da aka sha tare da shi ba ya yi masa wani lahani mai yawa, kuma ana tsotse kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari nasa. Sai kuma wanda yake cikin gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, ganyaye, burodi, har da ƙwai. Shi wannan tsirara yake tafiya, duk abin da ya haɗu da shi a ciki yana iya taimaka masa ko ya ɗaure shi, shi ya sa abin da ake samu daga gare shi yake lilo tsakanin kashi 2 zuwa 20. Ƙarfen da ke cikin ƙwayar magani ma na wannan rukuni na biyu ne. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Abin da gahawa take yi kuwa, tana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira folifenol, dangin abin nan da ke sa baki ya yi bauri in an sha shayi mai kauri ko an tauna goro. Idan suka haɗu da ƙarfen tsiro a cikin tumbi sai su manne masa, su zama dunƙulen da ba ya narkewa. Wurin da ake tsotsar ƙarfe ɗan gajere ne, farkon ƙaramin hanji ne da ke bin bayan tumbi. In ƙarfen ya wuce nan a ɗaure, ya wuce ke nan, sai bayan gida. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan kafeyin, sinadarin da ke hana barci, har su koma sayen gahawar da aka cire mata shi da tsada. Wannan bai magance komai ba, domin folifenol ɗin suna nan daram. Zuba madara ma bai cece shi ba. An gwada, bambancin kaɗan ne ko babu, ga shi kuma kalsiyam da ke cikin madarar shi ma yana takura wa ƙarfe ta tasa hanyar.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi na 1983 ne, wanda Morck da Lynch da Cook suka yi a Amurka. Sun ba mutane burodi da niƙaƙƙen nama da aka yi wa ƙarfen cikinsa alama don a iya bin sawunsa har cikin jini. Da aka haɗa da kofi ɗaya na gahawa, abin da aka tsotsa ya ragu da kashi 39 cikin ɗari. Da aka haɗa da shayi, ya ragu da kashi 64. Sun kuma ga cewa gwargwadon kaurin gahawa gwargwadon ragin, wato mai zuba cokali biyu ba ɗaya yake da mai zuba rabin cokali ba. A 1999 Hurrell da abokan aikinsa suka gwada da burodi zalla, babu nama, sai abin ya fi muni: abin sha mai yawan folifenol ya rage tsotsar da kashi 60 zuwa 90, baƙin shayi shi ne kan gaba, koko na cakulan ma ya rage kimanin kashi 70.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu a Kano ko Maradi ya lura da shi. Da yawa daga cikin masu tsoron gahawa, shayi suke sha safe da yamma, ga na teburin mai shayi, ga na ƙaramar buta da ake dafawa sau uku har ya yi baƙi. To, shayi ya fi gahawa ɗaure ƙarfe. Wanda ya bar gahawa ya koma shayi don tsoron ƙarancin jini ya gudu daga yayyafi ya faɗa mamako. Duk abin da za a faɗa a ƙasa game da gahawa, ya hau kan shayi har da ƙari.

Me ya sa duk da waɗannan alƙaluma ba a ga jinin kowane mashayin gahawa ya ƙone ba? Saboda jiki ba buhu ba ne da ake zuba masa abu ya karɓa yadda ya zo. Babban mutum yana ɗauke da ƙarfe giram 3 zuwa 4, yawancinsa a cikin jini, sauran a ajiye a hanta da ɓargo. Namiji yana zubar da kimanin miligiram ɗaya kacal a rana, ta fata da bangon hanji da ke saɓulewa. Hanta tana fitar da wani sinadari mai suna hefsidin wanda aikinsa kamar na mai gadin ƙofa ne: in ajiya ta cika sai ya rufe ƙofar hanji, in ta yi ƙasa sai ya buɗe. Saboda haka abin da aka rasa a karin safe, jiki yana iya cike shi a abincin rana ko na dare. An ma nuna tun 1991 cewa gwajin abinci guda ɗaya yana zuzuta tasirin irin waɗannan abubuwa fiye da yadda yake in an bi abincin mutum gaba ɗaya na makonni biyu. Magidancin da ke cin nama ko kifi a kai a kai, ba ya zubar da jini ta ko'ina, yana kuma shan kofi ɗaya ko biyu a rana, babu dalilin da zai sa ya riƙa duba agogo. Haka tsohuwar da ta daina al'ada kuma tana cin abinci mai kyau.

Har akwai waɗanda ɗaure ƙarfen alheri ne a gare su. Masu cutar gado da ke sa jiki ya tara ƙarfe fiye da kima, wadda ta fi yawa a Turawan arewacin Turai, akan ba su shawarar shan shayi a kan abinci da gangan. Mu nan abin da ya fi kusa da mu shi ne masu sikila da aka sha yi musu ƙarin jini. Kowace leda ta jini tana zuwa da ƙarfe kimanin miligiram 200, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da rarar. Mai sikila yana iya zama fari fat alhali ƙarfe ya yi masa yawa. Ba shi ake nufi da wannan gargaɗi ba, kuma kada a saya masa ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe sai an auna an ga yana buƙata.

To su wane ne ya kamata su raba gahawa da abinci? Su ne waɗanda ƙofar hanjinsu ta riga ta buɗe iyakar buɗewa amma abin da ke shiga bai kai abin da ke fita ba. Irin wannan jiki ba shi da sauran dabarar cike giɓi, duk abin da aka rage masa ya ragu ke nan.

Mai juna biyu ce ta farko. Ciki ɗaya yana cin ƙarfe kimanin miligiram 1,000, tsakanin ƙaruwar jinin uwa, da jariri, da mabiyiya, da jinin haihuwa, kuma mafi yawan buƙatar tana zuwa ne a watanni shida na ƙarshe. Mace da ta shiga ciki ajiyarta ba ta kai rabin haka ba, musamman in haihuwar kusa da kusa ce, tana cikin bashi tun kafin a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowace mai ciki ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid a kullum, shi ne jar ƙwayar da ake bayarwa a wajen awo. A ƙasar Kosta Rika, inda gahawa abin shan kowa ce, wani bincike na 1988 ya samu cewa masu cikin da ke shan kofi uku ko fiye a rana jininsu da na jariransu ya fi ƙasa a kan na waɗanda ba sa sha. Mai ciki tana da wani dalilin daban na rage gahawa, wato kafeyin kansa, wanda ake so kada ya wuce miligiram 200 zuwa 300 a rana, kusan kofi biyu ke nan.

Sai mace mai yawan jinin al'ada. Alamar ba ta buƙatar na'ura: wadda take canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko take ganin guda-guda manya, ko kwanakinta suke wuce bakwai. 'Yan mata masu tasowa suna cikin wannan layi sau biyu, ga girma ga al'ada, kuma su ne a makarantun kwana da jami'o'i suke karyawa da burodi da gahawar leda lokacin jarrabawa. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Ba gahawa ce ta jawo wannan ba, kuma ba dukansa ne na rashin ƙarfe ba, akwai zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila. Amma yana nuna cewa rukunin da ake magana a kai ba 'yan tsiraru ba ne.

Akwai kuma mai ba da jini a kai a kai, wanda kowace leda take ɗebe masa miligiram 200 zuwa 250, kuma ajiyar takan ɗauki watanni kafin ta dawo ko da awon jini ya nuna ya koma daidai. Akwai wanda abincinsa kusan duka hatsi ne da wake da ganye, nama sai ranar kasuwa ko ranar biki, domin shi duk ƙarfensa na rukunin da ake iya ɗaurewa ne, ga hatsin kansa yana ɗauke da nasa sinadarin da ke riƙe ƙarfe. Yara ƙanana kuwa bai kamata a ma yi ta lissafin awa tsakanin gahawa da abinci ba. Yaron da aka yaye ake jiƙa masa burodi a shayi ko gahawa kowace safiya, an haɗa masa abu biyu: abin sha ya cika masa ciki, ya kuma ɗaure ɗan ƙarfen da ke cikin burodin. A ba shi kunu ko koko, shayin ya jira sai ya girma.

Yanzu ga misali da lissafi, don a ga inda asarar take. A ɗauka malama ce 'yar shekara talatin, nauyinta kilo 60, al'adarta tana da yawa, tana haki in ta hau bene, cikin fatar idonta ya yi fari, kwanan nan kuma ta tsiri tauna ƙanƙara. An auna himogulobin ɗinta, sinadarin nan da ke ba jini launinsa, an samu 10, alhali ana so mace marar ciki ta kai 12. An rubuta mata ƙwayar ƙarfe irin ta miligiram 200 da aka saba, wadda ainihin ƙarfen da ke cikinta kimanin miligiram 65 ne, sauran gishirin da ke ɗauke da shi ne. Kowace safiya tana karyawa da ƙosai da burodi da gahawa mai madara, kuma saboda kada ta manta, da kurɓin farko take haɗiye ƙwayar.

Karin safen nata, a ce yana da ƙarfe miligiram 3. In babu gahawa ta tsotsi kashi 10, wato 0.3. Gahawa ta raba shi biyu, ta yi asarar 0.15 a rana, a wata guda bai kai miligiram 5 ba. Ƙwayar kuwa, jikin da ke cikin yunwar ƙarfe zai iya tsotsar kashi 15 nata in an sha da ruwa cikin ba komai, kusan miligiram 10 ke nan. Wani bincike da aka buga a 2023, wanda aka yi a Suwizalan kan mata masu ƙarancin ƙarfe, ya samu cewa shan ƙwayar da gahawa ya rage tsotsa da kashi 54, shanta kuma da cikakken karin safe mai gahawa ya rage da kashi 66, duk da cewa akwai ruwan lemu a cikin karin. Ke nan malamar tana zubar da miligiram 5 ko fiye kowace safiya. Abin da kofi ɗaya ya ci mata a kan ƙwaya cikin rana guda ya kai abin da ya ci mata a kan ƙosai wata cur.

Ga yadda hakan yake bayyana a takardar gwaji. Mace mai kilo 60 tana buƙatar ƙarfe kusan miligiram 150 don himogulobin ya hau maki ɗaya, daga 10 zuwa 12 kusan 300 ke nan, ban da wasu ɗaruruwan da za a cike ajiya da su. In tana samun 10 a rana, cikin wata guda ko ɗan fiye an ga canji sosai. In 3 zuwa 5 take samu, ga al'ada tana ɗebe nata kowane wata, sai ta koma asibiti bayan makonni huɗu a ga jinin da ƙyar ya motsa. Daga nan sai a ce maganin jabu ne, ko a ninka mata shi zuwa sau uku a rana, cikinta ya ɗaure, tashin zuciya ya dame ta, ta ajiye kwalbar gaba ɗaya. Tambaya ɗaya da ma'aikacin lafiya zai yi tun farko, "Da me kike haɗiye shi, kuma ƙarfe nawa?", da ta rage wannan wahala.

Gyaran ba shi da tsada. Ta sha ƙwayar da asuba da ruwa zalla, ko da ruwan lemu, domin bitamin C yana riƙe ƙarfe a narke, kuma a wancan binciken miligiram 80 nasa, kwatankwacin babban lemu ɗaya, ya ƙara tsotsa da kusan kashi 30. Ta yi salla, ta shirya yara, in awa ɗaya ta cika ta karya, gahawarta mai madara kuma ta jira hantsi. Safiya ta fi yamma, saboda hefsidin yana hawa yayin da rana take yi. Kada ta haɗa ƙwayar da madara, nono, ƙwayar kalsiyam ko maganin olsa mai kashe tsamin ciki, a bar awa biyu tsakani. In shanta cikin ba komai yana tayar mata da zuciya, ta ɗan ci wani abu marar madara, ko ta mayar da ita lokacin kwanciya bayan abincin dare ya sauka. Ƙwayar da aka sha aka tsotsi rabinta ta fi wadda aka bari a kwalba. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba cuta ba ne. Ninka ƙwaya sau biyu ko uku a rana kuma ba ya ninka amfani, domin ƙwaya mai miligiram 60 ko fiye tana ɗaga hefsidin har kusan kwana guda, ta biyun sai ta tarar da ƙofa a saye. Shi ya sa likitoci da dama yanzu suke rubuta sau ɗaya a rana, wasu ma rana bi rana ga marasa ciki. Wannan hukuncin likitanta ne, ba na maƙwabciya ba. In jinin ya dawo daidai kada ta tsaya, akan ci gaba kimanin wata uku don a cike rumbu. Kwalbar kuma a ɗora ta inda hannun yaro ba ya kai, domin jajayen ƙwayoyin nan suna kama da alewa, kuma 'yan kaɗan suna iya halaka ƙaramin yaro.

Batun tazara tsakanin gahawa da abinci shi ne inda aka fi yin kuskure, domin ana cewa "a bar awa ɗaya" ba a faɗin ta wane gefe. Gefen yana da muhimmanci. A binciken 1983, gahawar da aka sha awa ɗaya kafin abinci ba ta rage komai ba, amma wadda aka sha awa ɗaya bayan abinci ta rage daidai da wadda aka sha tare da shi. Dalilin a fili yake. Ruwa a cikin da babu komai ba ya daɗewa, kafin abinci ya iso ya wuce. Amma tuwo ko shinkafa da wake suna kwashe awa biyu zuwa huɗu suna fita daga tumbi kaɗan-kaɗan, gahawar da ta biyo baya za ta tarar da mafi yawansu a zaune. Wani gwaji na 2017 a Ingila, da shayi da kunun hatsi, ya ga jinkirin awa ɗaya ya rage ɓarnar da kusan rabi, bai kawar da ita ba. Don haka ga wanda abin ya shafa, ƙa'idar da ta fi aminci ita ce awa ɗaya kafin abinci, ko awa biyu bayansa. Mai sha'awar gahawar safe ya fi kowa sauƙi: in ba ya shan ƙwaya, ya sha abarsa da farar safiya, ya karya daga baya. In yana shan ƙwaya, ita ce da asuba, gahawa ta koma hantsi.

Ba kowane abinci ne ya cancanci wannan kulawa ba, kuma nan ne mutum zai sauƙaƙa wa kansa. Gahawa a kan biskit ko farar gurasa ba ta da wani abin kirki da za ta ɗaure. Gahawa a kan tsire ko farfesun hanta ba ta iya taɓa ƙarfen naman sosai. Wanda ya kamata a kare shi ne kwanon wake, alale, ƙosai, faten wake, tuwon gero da miyar ganye, abincin da ƙarfensa yake da yawa amma mai saurin ɗauruwa. Irin wannan a ci shi da ruwa, a matsa masa lemun tsami, ko a yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kai, ko a bi shi da gwaiba ko lemu. A lura bitamin C ba ya jure doguwar dahuwa, tumatirin da ya yi awa guda a tukunya ya rasa da yawa daga nasa. Ɗan nama ko busasshen kifi a miya, ko da kaɗan ne, yana taimaka wa ƙarfen hatsin da ke kusa da shi ya shiga. Gero da aka jiƙa ya tsima, kamar na koko, ya fi sakin ƙarfensa a kan wanda aka niƙa a bushe.

Watan azumi yana matse lissafin, saboda cin abinci ya koma lokaci biyu kuma a kowannensu akwai buta a gefe. Ga mace mai ƙarancin ƙarfe da ke azumi, abin da ya fi dacewa shi ne ta yi buɗa-baki da dabino da ruwa da 'ya'yan itace, ta ci abincinta, shayi ko gahawa su jira bayan tarawihi, ƙwayar kuma ta koma lokacin da ta tashi, kafin a gama haɗa sahur, sahur ɗin kuma babu shayi. Inda gahawa take cikin karɓar baƙo, kamar Sudan da ake kawo jabana da ƙananan kofuna bayan an ɗauke tire, ko Makka da Madina lokacin aikin Hajji, ba a ce a mayar wa mai gida kofinsa ba. Ɗan ƙaramin kofi sau ɗaya ba ya rushe komai. Abin da ke tara asara shi ne al'adar kullum, kofi mai kauri a kan kowane abinci, wata da watanni.

Babban haɗarin wannan magana ta gahawa, a ganina, shi ne ta zama mafakar da za a ɓoye ainihin cuta a bayanta. Gahawa tana rage abin da ke shiga, ba ta zubar da jinin da ke jiki. Namiji baligi, ko mace da ta daina al'ada, in aka same su da ƙarancin ƙarfe, ba a fara tambayar me suke sha da safe. Ana fara neman inda jini yake yoyo: gyambon ciki, basir mai zubar da jini, yawan shan magungunan ciwon jiki da ke cinye bangon tumbi, tsutsar ciki mai tsotsar jini ga mai shiga gona ba takalmi, tsargiya ga mai shiga ruwan fadama, ko ciwon daji na hanji, wanda sau da yawa ƙarancin jini ne alamarsa ta farko. Dattijon da aka ce masa ya daina gahawa ya sha tonik, aka sallame shi ba a duba bayan gidansa ba, an cuce shi.

Awon ma yana da nasa tarko. Himogulobin shi ne na ƙarshe da ke faɗuwa, sai rumbu ya ƙare tukuna. Ma'auninsa 13 ne ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki, wanda a awon kashi cikin ɗari da asibitocinmu suka fi yi ya kama kusan 33. Mai nuna abin da ke rumbun shi ne gwajin feritin, kuma ƙasa da 15 ga babba yana nufin ajiya ta ƙare, likitoci da yawa ma tun daga ƙasa da 30 suke fara magani. Amma feritin yana hawa in akwai zazzaɓi ko kumburi a jiki, saboda haka wanda aka auna shi yana tsakiyar zazzaɓin cizon sauro zai iya ganin lamba mai kyau alhali rumbun wayam yake. A bari ya warke da 'yan makonni a sake. Wadda kuma ta gyara lokacin shan ƙwayarta, ta raba ta da gahawa da shayi da madara, ta sha ba fashi, amma bayan makonni huɗu himogulobin bai hau ko maki ɗaya ba, ta koma wurin likita da kwalbar maganin a hannu da lissafin kwanakin al'adarta, domin ko dai jini yana fita fiye da yadda ake zato, ko hanjin ba ya tsotsa, ko kuma tun asali ba ƙarfe ne ya yi ƙaranci ba.